Gidan haya a hanyar Gwarzo: abin da littafina ya nuna

10 ga Agusta, 2024

Ni da yayata mun haɗa kuɗin da muka samu na gonar gado da abin da kowa ya tara, muka tashi da naira miliyan 33. Shawarar da muka yanke ita ce a sa su a wani abu da zai riƙa kawo haya, kuma ni aka ɗora wa nema. Daga yau zan riƙa rubuta duk abin da ya shiga da wanda ya fita, don ta ga lissafin da idonta.

Abu uku dillalai suka nuna mini, duk ta ɓangaren hanyar Gwarzo a Kano. Na farko fili ne a bayan gari, ƙafa 50 a 100, mai sauƙin kuɗi. Na ajiye shi gefe tun a nan, domin fili ba ya kawo ko sisi sai an gina shi, kuma da tsadar siminti da rodi a yanzu, abin da zai rage mana bayan saye ba zai kai ginin ga rufi ba. Kango kuwa ba ya biyan haya. Na biyu gidan ɗalibai ne mai ɗaki goma kusa da sabuwar jami'ar Bayero, miliyan 28. Na uku gida ne mai sashe huɗu, kowanne ciki da falo da kicin da banɗaki, yana da rijiyar burtsatse, ana neman miliyan 30.

Dillalin gida na uku ya yi mini lissafi a tsaye: “Alhaji, kowane sashe dubu 600 ne. Miliyan biyu da dubu 400 ke nan a shekara. Shekara goma sha biyu da rabi ka mayar da kuɗinka.” Lissafin daidai ne idan aka ɗauka cewa gidan zai cika kullum, babu abin da zai lalace, kuma miliyan 30 ne kaɗai zan kashe. Waɗannan ukun su ne abin da zan bincika.

1 ga Satumba, 2024

Na fasa gidan ɗalibai, kuma ina so dalilin ya zauna a rubuce. A takarda shi ya fi kyau: ɗaki goma a dubu 260, miliyan biyu da dubu 600 a kan miliyan 28, sama da kashi 9 cikin ɗari. Amma duk ɗakunan goma ƙofa ɗaya suke dogara da ita, wato jami'a ta kasance a buɗe. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya fara ranar 14 ga Fabrairu, bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba. Na 2020 ya kai wata tara. Ɗalibi yana lissafin hayarsa da zangon karatu, ba da watannin kalanda ba, don haka idan zango ya ja, sabon biya ma ya ja. Wata takwas babu haya a gidan nan ya haura miliyan ɗaya da dubu 700, kuma a lokaci guda dukkan ɗakunan za su tsaya. A gidan magidanta, idan mutum ɗaya ya tashi, uku suna nan. Ga kuma banɗaki goma da famfo goma da ƙofa goma, a hannun mutanen da suke canzawa kusan kowace shekara. Mai zama kusa da zai iya leƙawa kullum zai iya riƙe irin wannan gida. Ni ina kasuwa daga safe zuwa magariba.

Gida na uku na koma na duba shi washegarin ruwa mai ƙarfi, kuma da gangan na zaɓi ranar. Layin yana da kwata, ruwan ya wuce bai kwanta a ƙofa ba. Amma a sashen baya, bangon da ya jingina da katangar maƙwabci ya jiƙe daga ƙasa har kusan gwiwa, fenti ya kumbura, na danna filastar da yatsa ta zube kamar gari. Rima ce ke hawowa daga ƙasa. A silin na sashe biyu akwai tabon ruwa mai zagaye, ƙusoshin kwanon da ke sama sun yi tsatsa. Murfin sokawe ya tsage, kuma tazararsa da rijiyar burtsatse ba ta kai taku goma ba.

Sai na zauna da ɗaya daga cikin 'yan hayan, malamin makaranta ne, na tambaye shi nawa yake biya. Ya ɗauko rasit: dubu 450. Ya ce sashen baya ya fi shekara babu kowa. Dubu 600 da dillali ya faɗa kuɗin sabbin gidajen bakin titi ne masu tayil da mita kowa da tasa, ba na wannan ba.

22 ga Satumba, 2024

Mako uku na takardu. Gidan na magada ne, mai shi ya rasu, babban ɗansa ne ke sayarwa. Irin wannan cinikin shi ya fi kai mutane kotu, domin ɗa ɗaya ba ya sayar da haƙƙin sauran. Lauyan da na ɗauka ya nemi takardar rabon gado daga kotu, wadda ta nuna magada su bakwai ne kuma gidan nan yana cikin abin da aka amince a sayar a raba kuɗin. Ya ce kowannensu zai sa hannu, matan ma da kansu, wadda take aure a wani gari kuma ta aiko da wakilci a rubuce.

Mun je wajen mai unguwa. Na ce, “Ranka ya daɗe, ko akwai wata magana a kan gidan nan da ya kamata in sani?” Ya ce bai taɓa jin rigimar iyaka ko jingina a kansa ba, ya kuma kira maƙwabta biyu suka nuna inda katangarsu ta tsaya. Wannan shaida tana da amfani, amma ba ta maye gurbin binciken ofis. Lauya ya kai lambar takardar mallaka hukumar KANGIS mai kula da bayanan filaye a Kano, aka duba ko sunan da ke fayil shi ne na mamacin, ko an jinginar da gidan a banki, ko akwai bashin harajin ƙasa. An samu bashin wasu shekaru, muka rubuta cewa magada za su biya kafin a rufe ciniki. Ya kuma duba a KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, ko ginin bai shiga layin titi ko hanyar ruwa ba.

Wani abu da lauya ya nanata mini: a ƙarƙashin dokar amfani da ƙasa ta 1978, ƙasar birni tana hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da mutum ke saye haƙƙin zama ne, kuma mayar da shi zuwa sunan wani yana buƙatar amincewar gwamna. Mutane da yawa suna tsayawa a takardar ciniki da shaidu su ajiye a akwati. Ni na sa kuɗin canja suna a cikin kuɗin gidan tun yanzu, domin ranar da za mu sayar, mai saye zai rage mana farashi idan takarda ba ta ɗauke da sunanmu.

20 ga Oktoba, 2024

An sallama a miliyan 27. Abin da ya sauko da farashin ba iya ciniki ba ne, takardar kiyasin gyara ce da magini da kafinta suka rubuta mini, na ajiye ta a gaban magada. An biya ta banki, kowane magaji ya sa hannu, mai unguwa da maƙwabta suka yi shaida.

Ga yadda miliyan 33 ɗinmu za ta ƙare. Gida 27. La'adar dillalai daga ɓangarena miliyan ɗaya, bayan doguwar magana. Lauya da bincike da canja suna miliyan ɗaya da dubu 200. Gyara miliyan uku da dubu 800. Babu ragowa. Daga yau duk ribar da zan lissafa a kan 33 zan raba ta, ba a kan 27 ba, domin 33 ne suka bar hannunmu.

Abu biyu ƙanana da muka tsayar kafin biya. Malamin makarantar ya riga ya biya haya har ƙarshen Maris, saura wata biyar, dubu 187 da ɗari biyar. Kuɗin nan namu ne tunda mu za mu riƙe gidan a watannin, don haka magada suka mayar mana. Na biyu, tsohuwar mitar gidan guda ɗaya ce, tana ɗauke da bashin wuta da tsoffin 'yan haya suka bari.  Shi ma magada suka biya, na karɓi rasit. Ɗaya ɗan hayan wa'adinsa ya cika a wannan watan, ya ce zai koma gidansa da ya gama, saboda haka sashe uku ne babu kowa.

8 ga Disamba, 2024

Gyara ya kusa kammala. Na fara da abin da ba a gani, fenti ya zo ƙarshe.

Rufi ya ci miliyan ɗaya da dubu 100. Ba a canja kwanon duka ba. Kafinta ya hau ya ware wanda ya hudu, aka sauya katakon da gara ta ci, aka buga sabbin ƙusoshi masu roba, aka gyara indararo don ruwa ya daina sauka a gindin bango. Sokawe ya ci dubu 900, domin rufe tsohon muka yi aka haƙa sabo a ɗaya ƙarshen filin. Masu aikin rijiya suna son a bar aƙalla mita 15 tsakanin sokawe da rijiya, kuma fili mai ƙafa 100 tsawonsa mita 30 ne, don haka in aka sa kowanne a ƙarshensa ana samun tazarar. Wannan kuɗi ba zai ƙara ko naira ɗaya a haya ba. Amma mutane za su sha ruwan nan da 'ya'yansu, ban ga yadda zan karɓi kuɗinsu in bar shi yadda yake ba.

Bangon baya shi ya fi ɗaukar lokaci. Magini ya ce in aka shafa fenti a kai, damina ɗaya zai dawo. Aka kankare filastar har sama da inda rimar ta tsaya, aka bar bulon ya sha iska mako biyu a wannan bushewar ta hunturu, aka sake filasta da siminti mai maganin ruwa, sannan aka zuba daɓe mai gangara a waje don ruwa ya riƙa gudu daga jikin bango. Ya gaya mini gaskiya: tun wajen aza harsashi ba a shimfiɗa abin da ke tare danshi ba, don haka wannan ragewa ce, ba warkewa ba. Dubu 800 ke nan. Na rubuta a littafi cewa bangon nan zai sake neman kuɗi nan da 'yan shekaru.

Wayar wuta da mita huɗu, kowane sashe da tasa, dubu 500. Rigimar kuɗin wuta tsakanin 'yan haya tana korar mutumin kirki daga gida fiye da tsadar haya. Sauran dubu 500 fenti ne da makullai da famfuna.

16 ga Fabrairu, 2025

Sashen gaba ya samu mai shiga tun 1 ga Janairu a dubu 550. Ango ne, danginsa suna sauri a yi jere kafin azumi. Wannan lokacin, daga Disamba zuwa gab da Ramadan, shi ne kasuwar ciki da falo, domin bukukuwa suna taruwa a cikinsa. Shi ya sa na matsa wa masu gyara su gama kafin shekara ta fita.

Sashe na uku ne ya kawo muhawara. Wani ma'aikacin asibiti ya taya dubu 500, dillali ya ce in jira, za a samu mai 550. Na yi masa lissafi a bayan ambulan. Sashen da ake haya dubu 550, duk watan da ya kwana babu kowa an yi asarar kusan dubu 46. Bambancin da ake so in jira dubu 50 ne. Ke nan idan jiran ya wuce mako biyar, na yi asara ko da mai 550 ɗin ya zo. Kuma babu wanda ya tabbatar mini zai zo. Na bincika mutumin a wurin aikinsa da wajen mai gidan da ya bari, aka ce ba a taɓa bin sa haya ba. Ya shiga 1 ga Fabrairu.

Kowa ya sa hannu a yarjejeniya. Lauya ya ce idan babu rubutu, mai biyan shekara ana ba shi wa'adin wata shida kafin a tashe shi, kuma in ya ƙi, sai ta kotu. A tamu mun rubuta cewa kowane ɓangare zai sanar wata uku kafin shekara ta cika, ko zai sabunta ko a'a. Wata ukun nan su ne lokacin da zan nemi wani tun gidan bai zama kango ba. Mun kuma raba gyara: ƙwan fitila da kan famfo da makulli na ɗan haya ne, rufi da bango da sokawe da injin ruwa nawa ne.

Sashen baya har yanzu shiru. Mutane suna zuwa su duba, su ga ba ya samun iska sosai, su tafi.

25 ga Mayu, 2025

Sashen baya ya samu mai shiga 1 ga Mayu, a dubu 480, bayan wata biyar a rufe. Azumi ya shigo 1 ga Maris, ba wanda ke son tashi a cikinsa, bayan Salla kuma aljihu ya yi sanyi. Malamin makaranta ya sabunta a Afrilu. Na kai shi dubu 500 daga 450, ban kai shi kuɗin sashen gaba ba. Shi ke kunna injin ruwa, shi ke kirana idan wani abu ya lalace, kuma da ya tashi da sai na yi fenti na jira wata ɗaya ko biyu. Dubu 50 da na bar masa ta fi wannan araha.

Yaya ta kira ni a kan Sukuk, wato takardar zuba jari bisa tsarin Musulunci, da gwamnatin tarayya ta fitar a wannan watan, mai biyan kashi 19.75 cikin ɗari a shekara na tsawon shekara bakwai. Ta ce, “Ƙanena, da can muka kai kuɗin nan fa?” Tambayar tana kan hanya, kuma ban ɓoye mata komai ba. Miliyan 33 a wannan ƙimar za ta kawo sama da miliyan shida da rabi a shekara, babu sokawe, babu rufi. Gidanmu ko ya cika duk shekara, miliyan biyu da dubu 30 ne kafin a cire komai.

Abin da na ce mata shi ne: bayan shekara bakwai Sukuk zai mayar maka da miliyan 33 ɗinka cif, amma naira ce, kuma a Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a alkaluman hukumar ƙididdiga. Abin da kuɗin za su saya a lokacin ba shi ne na yau ba. Gida kuwa darajarsa tana bin kuɗin fili da siminti da rodi, haya ma ana iya ɗaga ta. Sai dai wannan fata ne, ba kuɗi ne a hannu ba, sai ranar da aka sayar aka cire la'ada. Gida kuma ba a sayar da shi a mako guda idan buƙata ta taso. A ganina, wanda yake neman abin cefane duk wata daga jarinsa, gidan haya a wannan farashi ba zai ishe shi ba. Mu abin da muke nema wurin ajiyar dukiyar gado ne wanda zai riƙe kansa da kansa ya bar ɗan ragowa. Ta yarda, da sharaɗin ragowar hayar a riƙa kai ta irin wancan wurin maimakon a bar ta a asusu.

17 ga Agusta, 2025

Damina ta gwada aikin. Rufi bai yi yoyo ba. Bangon baya ya nuna ɗan duhu a kusurwa ɗaya, kamar faɗin tafin hannu, filastar ba ta tashi ba. Na ɗauki hoto da kwanan wata don in gwada da na baɗi.

Injin rijiya ya ƙone a Yuli. Mai gyara ya ce wuta ce ta zo da rauni aka bar shi yana ja har ya yi zafi. Gida ya kwana uku ana sayen ruwa a wajen 'yan garuwa. Sabon inji da aikin ciro tsohon da na'urar da ke yanke wuta idan ta yi ƙasa, dubu 210. Wannan kuɗi hayar sashen baya ce ta wata biyar da 'yan kwanaki. An biya daga asusun gyara da nake zuba kaso a ciki duk lokacin da haya ta shigo, don haka ban taɓa jarin shago ba.

30 ga Nuwamba, 2025

Shekara ta kusa cika tun da aka gama gyara. Na lissafa kowane sashe da watannin da aka zauna a cikinsa daga Disamba zuwa Nuwamba, ba da ranar da kuɗi ya shigo ba, domin kuɗin da aka biya na watannin gaba ba na bana ba ne.

Sashen malam dubu 483. Na gaba, wata goma sha ɗaya, dubu 504. Na uku, wata goma, dubu 417. Na baya, wata bakwai, dubu 280. Jimla miliyan ɗaya da dubu 684. Sashe huɗu sau wata goma sha biyu wata 48 ne, takwas daga ciki gidan ya yi su babu kowa, kashi ɗaya cikin shida ke nan, kuma biyar daga cikin takwas ɗin na sashen baya ne shi kaɗai.

Abin da ya fita: injin ruwa dubu 210, kwashe sokawe da wanke tanki dubu 70, ƙananan gyare-gyare dubu 95, harajin ƙasa dubu 25. Na kuma ware dubu 200 don rufi da bangon baya. Ba a kashe su ba, amma ba riba ba ce, domin ranarsu tana zuwa. Jimla dubu 600. Ragowa miliyan ɗaya da dubu 84, wato kashi 3.3 cikin ɗari na miliyan 33. Dillali ya ce kashi 8.

Baɗi, idan kowa ya sabunta a kuɗin yanzu, na cire wata ɗaya na zaman banza ga kowane sashe, kusan dubu 169, na cire dubu 600 na gyara, za a tashi da kusan miliyan ɗaya da dubu 260, kashi 3.8. Ango na sashen gaba ya riga ya sanar zai sabunta, na gaya masa dubu 600 tun a Oktoba kamar yadda yarjejeniya ta ce, ya amince. Sauran ba zan taɓa su ba sai na ga abin da maƙwabta ke karɓa.

Wa'adin sassan huɗu ya faɗo a Janairu da Fabrairu da Afrilu da Mayu. Na Afrilu da Mayu sun faɗo a lokacin da masu neman gida suke ƙaranci, saboda haka zan nemi mai sashen baya ya biya wata takwas a sabuntawa ta gaba, wa'adinsa ya koma ƙarshen Disamba. Kafinta zai zo ranar Asabar ya auna inda za a buɗe taga ta biyu a falon, ya ce da katako da ƙarfe da aikin magini ba zai wuce dubu 150 ba.